Karɓar Kaya Da Sanar Da Mai Kanti Abin Da Ya Kasa

'Yan'uwana ɗalibai, wanda duk ya fita daga kwaleji aka tura shi makarantar ƙauye, ba za a daɗe ba sai babban malami ya miƙa masa makullin sito. Ni ma haka aka yi mini a wata makaranta a Danchuwa, cikin ƙasar Potiskum. A kwaleji an koya mana shirya darasi da riƙon aji, amma ba wanda ya koya mana abin da mutum zai yi in mota ta tsaya bakin ƙofa da kaya, direba na ta matsa oda yana cewa a sa masa hannu ya wuce. Wannan ne nake so in bayyana muku, gwargwadon abin da ya same ni.

Karon farko da aka kawo mana kaya, na ga katon-katon jibge, na ƙidaya su, na sa hannu, na kulle sito. Sai bayan mako uku, ran da za a raba wa yara littattafan rubutu, muka tarar ba su cika ba. Da muka gaya wa mai kanti, sai ya ce, "Malam, ga sa hannunka nan, ka ce ka karɓa daidai." Gaskiya ya faɗa. Mako uku makulli na aljihuna, yaya zan tabbatar ba a hannuna suka salwanta ba? Daga albashina na biya. Kuɗin kuwa bai dame ni kamar irin kallon da aka yi ta yi mini ba.

To, ga abin da na gane daga baya. Kayan da ya taso daga Kano zuwa gare mu yakan bi hannu uku, kowa da abin da ya rataya a wuyansa. Mai kanti shi ke da alhakin abin da ke cikin katon. Direba alhakinsa yawan katon ne, da kawo su a rufe yadda aka ba shi. Mai karɓa kuwa, daga sa'ad da ya sa hannu, kome ya faru nasa ne. Saboda haka aikin mai karɓa shi ne ya gano a hannun wa abu ya kasa, tun kafin alhakin ya dawo kansa.

Bari in kawo muku karo na biyu daki-daki. Gab da komawa hutu muka yi odar kaya wurin wani Alhaji mai kantin littattafai a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Mun nemi littattafan rubutu katon 10, kowane katon dozin 12, watau dozin 120 ke nan, ko littafi 1,440. Mun yi ciniki a kan naira 3,000 kowane dozin, kuɗinsu ya tashi naira 360,000. Sa'an nan da alli kwali 20 a kan naira 1,500, shi kuma naira 30,000. Jimla naira 390,000. Muka ba da kafin alƙalami naira 200,000, saura naira 190,000 sai kaya sun iso.

Ran Talata da hantsi kayan suka iso. Babbar mota ce ta ɗauko su daga Kano, ta biyo ta Azare ta sauke a tashar Potiskum, daga nan wata ƙarama ta ƙaraso da su Danchuwa. Kafin a sauke kome, na ɗauko takardu uku na jera bisa tebur. Ta fari ita ce kwafen odarmu, mai nuna abin da muka nema. Ta biyu takardar rakiyar kaya, wadda direba ya zo da ita, mai nuna abin da aka ɗora masa. Ta uku takardar kuɗi ta mai kanti, mai nuna abin da yake bin mu. In waɗannan uku ba su yi daidai da juna ba, to, kuskuren na alƙalami ne, tun a kanti aka yi shi. A ranan dai duka uku bakinsu ɗaya.

Na kira wani malami ya tsaya shaida, don ƙidayar mutum ɗaya ba ta zama hujja. Muka ƙidaya katon a gaban direba, goma cif, alli kuma kwali ashirin. Muka juya kowane katon muka duba gindinsa, gama mai ɓarna a hanya ta ƙasa yakan farke ya mayar. Ba wanda ya yage, ba wanda ya jiƙe. Direba kuwa ba zai iya jira a ƙidaya littafi dubu da ɗari huɗu da arba'in ba, ba kuma daidai ba ne a tsare shi. Sai na rubuta a jikin takardarsa, sama da sa hannuna: "Na karɓi katon 10 a rufe da alli kwali 20. Ban ƙidaya abin da ke cikin katon ba tukuna." Na sa rana da lokaci, shaida ma ya sa hannu. Ku lura da wannan 'yar magana. Ta wanke direba, amma ba ta rufe mini ƙofar magana da mai kanti ba. Rashinta ne ya ci albashina a karon farko.

Da direba ya tafi ba mu tashi ba, nan take muka shiga buɗewa. Na sa wa kowane katon lamba da alli, daga 1 zuwa 10, muna buɗe ɗaya mu gama da shi kafin mu taɓa na gaba, don kada ƙunshin wannan ya gauraya da na wancan. Tun wajen ɗagawa abokin aikina ya ce na bakwai bai kai sauran nauyi ba. Da muka duba da kyau, sai muka ga abin da ya kuɓuce mana da fari: sauran tara ɗaurin kamfani ne, salatif ɗaya shimfiɗe, shi kuwa an maimaita masa wani a kan na asali. Muka ɗauki hotonsa da waya kafin mu yanka. Muka buɗe, sai ga ƙunshi 10 maimakon 12, an cusa tsofaffin takardu a gurbin biyun don kada katon ya lotsa. Ruwa ba ya tsami banza. A cikin takardun nan har da yagaggen rasit mai sunan kantin Alhajin. Wannan ya nuna mana a kanti aka sake rufe katon, ba a hanya ba. Muka sake ƙidaya, muka ɗauki hoto, muka ajiye katon ɗin gefe da duk abin da ke cikinsa.

Abin da ya kasa dozin 2 ne, watau littafi 24, kuɗinsu naira 6,000. Wani zai ce, a cikin kayan naira 390,000 mene ne dubu shida da za a ɓata da mutum a kai? Amsa ita ce kuɗin ba nawa ba ne da zan yafe, kuma yara ashirin da huɗu za su zauna ba littafi. Banda haka, in na rubuta 1,440 a littafin sito alhali 1,416 na karɓa, ran da mai binciken lissafi ya zo ni zai tambaya. Wani kuma zai ce a mayar da kayan duka. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gāda, ta ce wanda aka kawo wa ƙasa da abin da ya saya yana iya ƙin karɓa, in kuwa ya karɓa sai ya biya kuɗin abin da ya iso bisa farashin da aka yi. Ta kuma ce wanda ya riƙe kaya ya daɗe bai ce kome ba, a ɗauka ya yarda da su. Mayar da katon goma Kano saboda dozin biyu wauta ce, kuɗin mota kaɗai ya fi abin da ake nema. Yin shiru kuwa shi ne hasara. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

A ranan na buga wa Alhajin waya, sa'an nan na bi da wasiƙa, don magana iska ce. Ga abin da na rubuta:

"Zuwa ga Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai kayan da ka aiko sun iso yau Talata da hantsi, mun gode. Alli kwali 20 ya cika. Katon 10 na littattafan rubutu sun zo a rufe, tara daga ciki kowane dozin 12 daidai. Guda ɗaya mun sami dozin 10 a ciki, watau dozin 2 sun kasa, kuɗinsu naira 6,000. Mu biyu muka ƙidaya, har sau biyu. Katon ɗin da alamar an taɓa buɗe shi an sake rufewa, ga hotonsa nan, mun kuma ajiye shi yadda yake. In ka ga dama ka aiko da cikon, mu biya naira 190,000 kamar yadda aka yi. In kuwa ya fi maka sauƙi, a cire kuɗin mu biya naira 184,000. Muna so mu ji daga gare ka kafin Litinin, gama ranan za mu raba wa yara. Allah ya ƙara buɗi. Wassalam."

Ku dubi yadda wasiƙar ta tafi. Ta fara da abin da ya iso lafiya, don mai kanti ya san sauran cinikinsa ba gardama a kai. Ta faɗi abin da ya kasa da lamba, ba ta ce "kaya ba su cika ba" kurum. Ta faɗi abin da ido ya gani, ba ta kira kowa ɓarawo ba. Da na ce yaransa sun yi sata, da ya tashi kare mutuncin kantinsa, magana ta bar kan littafi ta koma kan zagi. Daga ƙarshe ta ba shi zaɓi biyu da rana. Ban kuma zare dubu shidan da kaina in aika da saura shiru ba, don littafinsa zai nuna yana bin mu bashi, wata rana a yi ta musu.

Kashegari Alhajin ya kira ni. Ya ce ya bincika, ashe wani yaron kanti ne ya buɗe katon ya sayar da dozin biyu ga wani mai saye, ya mayar ya rufe, mai lodi kuma ya haɗa da cikakku bai sani ba. Ya ce a cire kuɗin. Na roƙe shi ya aiko da sabuwar takardar kuɗi mai dozin 118, ya aiko. Na haɗa ta da odarmu da takardar direba da kwafen wasiƙata na maƙale wuri ɗaya, na rubuta 1,416 a littafin sito. Cikon kuwa muka saya a kasuwar Potiskum. Har yanzu wurinsa muke sayen kaya.

In kun fita koyarwa, ku gwada wannan da manyan yaranku, gama ya haɗa lissafi da rubutun wasiƙa. Ku ce musu an yi odar fensir kwali 15, kowane kwali dozin 6, aka tarar kwali ɗaya dozin 5 ne a ciki. Su faɗi fensir nawa aka nema, nawa suka iso, sa'an nan kowa ya rubuta wa mai kanti wasiƙar da ba ta wuce layi goma ba. Wanda ya manta da godiya a kan abin da ya iso, ko ya zargi wani ba shaida, a sa shi ya sake.