Kafin Ku Ɗauki Bidiyon Neman Taimako

'Yan ƙungiyoyin taimakon kai da kai na Daura, Karaye da Rogo, ga wani kuskure da ya yi yawa: a haska maras lafiya kwance, a yi ta "a taimaka saboda Allah" har minti biyar. Mai kallo zai tausaya ya wuce, don ba a gaya masa abin da zai yi ba.

Ku rubuta komai a takarda tukuna, bidiyon minti ɗaya da rabi ya isa. A ce ɗalibi ne da shan inna ta taɓa, yana neman keken guragu. Ku fara da shi yana faɗin aikin da yake burin yi, sannan a nuna hanyar makarantarsu da damina, caɓi ko'ina. Shi zai yi magana da bakinsa, kada shugaban ƙungiya ya cinye lokacin. Ku nemi yardarsa da ta mahaifinsa, ku gaya musu bidiyon zai iya kaiwa har Kano da Legas.

Roƙon ya zama guda ɗaya: kuɗin keken kamar yadda mai walda ya yanke, lambar asusu da sunan da ke kansa, a rubuce kuma a faɗe sau biyu. Asusun ƙungiya ya fi na mutum ɗaya kawar da zargi.

Ku faɗi ranar rufewa da shekara, domin bidiyo kan daɗe yana yawo a WhatsApp, macuta su canza lambar. Idan an sayi keken, ku nuna shi tare da rasit.