Yadda ake sauya batirin dalma da na litiyom, da saitin cajin da dole ya canza

A Tawa da garuruwan arewacin Adar irin su Abalak, Tabalak da Cintabaradan, lokacin da gida ya fi buƙatar batir shi ne lokacin da batir ya fi shan wuya, wato bazara, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta ƙara wa yankin wutar rana, amma da dare idan Nijelek ta ɗauke, abin da aka ajiye a ɗaki shi ke juya fanka. Ra'ayina shi ne batirin litiyom mai ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa, ya fi na dalma dacewa da wannan ƙasa, bisa sharaɗi ɗaya: a canza saitin caji. Wanda ya ɗora sabon batir a kan tsohon saiti ya biya kuɗin litiyom ne bai ci moriyarsa ba.

Matakin farko lissafi ne, tun kafin a je kasuwa. Mu ɗauki gida mai inbata ta bolt 24 da batiran dalma biyu, kowanne 12V 200Ah. A takarda suna ɗauke da wutar da ta kai wat 4,800 na awa ɗaya, amma dalma ba ta son a sha fiye da rabinta, don haka abin amfani 2,400 ne. Batirin litiyom guda mai 25.6V 100Ah yana ɗauke da 2,560, ana kuma iya shan kashi 90 cikin ɗari, wato kusan 2,300. Idan fanka biyu, talabijin, fitilu da firiji suna jan wat 300, kowane ɗaya zai riƙe gidan wajen awa bakwai bayan an cire abin da inbata ke ci. Bambancin yana fitowa ne da daɗewa. An auna batirin dalma a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yakan raba kwanansa biyu, ga ruwansa da ke saurin ƙonewa. Idan kuma wuta ta riƙa yankewa bai cika ba, farin gishiri yana daskarewa a farantansa har ya daina riƙe caji. Litiyom bai damu da zama rabin ciki ba, masu ƙera shi kuma kan ba shi zagayen caji 3,000 ko fiye, inda dalma ke ƙarewa a ɗaruruwa ko dubu da wani abu.

Mataki na biyu shi ne a duba ko inbatar tana karɓar gyara. A irin su Axpert da masu kama da ita, lamba 05 a allon saiti ita ce ta nau'in batir, inda ake ganin AGM, FLd da USE. Wannan na ƙarshe shi ke ba mutum damar sa alƙalumansa. Inbatar da ba ta da wannan zaɓi, ko tsohuwar caja mai taransifoma da ba ta da ƙayyadadden bolt, sai an sauya ta, a sa kuɗinta cikin lissafi. Wajen haɗawa, a fara cire fanon sola da wutar gari, sannan tsohon batir. A haɗa sabon ta hanyar fis, a kunna inbata da batir kaɗai, a gama saiti, kana a mayar da sola. Kada a jera shi da tsohon na dalma don ƙarin ƙarfi.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin. Cikin batirin litiyom akwai ƙwayoyi takwas a jere, kowace mai bolt 3.2, iyakarta kuma 3.65, wanda ya zama 29.2 idan aka ninka takwas. Saitin FLd a inbatoci da yawa a daidai wannan 29.2 yake tsayawa. Ƙwayoyin kuwa ba sa cika tare. Ɗaya za ta riga saura, ta wuce iyaka, na'urar kariya da ke ciki, BMS, ta yanke caji. Shi ya sa ake sa cajin cikawa, lamba 26, a kan 28.0 zuwa 28.4. Abin da aka rasa na wuta kaɗan ne ƙwarai, kuma BMS na samun sararin daidaita ƙwayoyin. Cajin riƙo, lamba 27, a sa shi 27.0 ko ƙasa kaɗan, domin dalma ce ke son a riƙe ta a cike, litiyom kuwa zama a ƙololuwa cikin zafi tsufar da shi yake yi. Cajin tafasawa da ake yi wa batir mai ruwa lokaci-lokaci, wanda kan haura bolt 30 a wasu na'urori, a kashe shi gaba ɗaya, domin litiyom ba shi da ruwan da za a motsa. Haka ma saitin da ke rage bolt idan an yi zafi ya ƙara shi idan hunturu ya shigo: na dalma ne, a mayar da shi sifili. Idan akwai na'urar cajin sola daban, ita ma a sa mata waɗannan alƙaluman.

Mataki na huɗu ya shafi iyakar ƙasa. Iyakar kashewa, lamba 29, kan zo a kan 21.0, wanda ya kai kowace ƙwaya kusa da 2.6, gab da inda BMS ke rufe batir. Idan ta rufe cikin dare, mita za ta nuna kamar babu komai, wata inbatar ma ba ta tashi sai an farfaɗo da batirin da caja. A sa iyakar a 24.0. Ƙarfin caji kuma, lamba 02, amfiya 30 zuwa 40 sun wadatar wa 100Ah, kada a wuce abin da takardarsa ta faɗa. Bayan haka a bar shi ya cika sarai sau ɗaya kafin a ɗora kaya. A kuma daina dogaro da sandunan allo, domin litiyom yakan zauna kusa da bolt 26 tun yana kusan cike har ya kusa ƙarewa; ƙidayar BMS ita ce abin dubawa.

Akwai masu cewa tunda BMS tana nan, saiti ba dole ba ne. BMS birkin gaggawa ce, ba a tuƙi da ita kullum. Alamar an bar mata aikin ita ce inbata ta riƙa ƙara ko ta mutu da tsakar rana lokacin da batir ya kusa cika, kuma irin wannan yankewa ana tsakiyar caji tana iya lalata na'urar sola. Wasu kuma za su ce dalma ta fi araha, kowane makaniki ya santa, idan ta mutu ma ana sayar da ita. Wannan gaskiya ne, kuma gidan da wutarsa ba ta cika yankewa ba, ko mai inbatar da ba ta gyaruwa, zai iya ci gaba da dalma matuƙar yana ƙara mata tataccen ruwa. Amma wanda ke shan batir kowane dare zai sayi dalma sau da yawa kafin litiyom ɗaya ya ƙare. Sai dai shi ma zafi na cinsa, don haka a ajiye shi a ɗaki mai inuwa da iska, nesa da rufin kwano da bangon yamma.

Mai gida, kafin mai haɗa sola ya karɓi kuɗin aikinsa, ka sa ya nuna maka cajin cikawa, cajin riƙo da iyakar kashewa a kan allo, ka gwada su da takardar batirin, sannan ka rubuta su ka manna a jikin inbata.