Daƙiƙa 30 Gaban Masu Zuba Jari

Wani matashin manomi daga unguwar Zango a Wagadugu ya tambaya: me zai faɗa wa masu zuba jari cikin daƙiƙa 30 kan markaɗen tumatir na leda? Malam, lokacin bai ɗaukar abin da ya wuce jimla biyar, don haka a ganina ka fara da lissafi. Tumatir ɗanye kusan duk ruwa ne. Sai an dafa kilo kamar 6 kafin a samu kilo ɗaya na markaɗe mai kauri. Ka faɗi farashin kilo 6 ɗin a rani, lokacin da tumatir ya yi yawa har yake ruɓewa, ka ɗora kuɗin wuta da leda, sannan ka faɗi nawa mai shago zai biya ka. Tazarar da ke tsakani ita mai kuɗi yake saurare. Ka rufe da adadin jarin da kake nema da abin da za ka saya da shi.

Za a ce maka ai an buɗe masana'antar tumatir a Bobo-Dioulasso a 2024, ga kuma na gwangwani daga Sin mai araha. Gaskiya ne. Amma masana'antar Dangote ta Kadawa, a jihar Kano, da ta fara aiki a 2016, ta yi ta tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Kai manomi ne, amfanin yana hannunka. Saboda haka jimlarka ta huɗu ta faɗi girman gonarka, da manoma nawa suka yi alkawarin kawo maka nasu, a wane wata.