Amsoshin Tambayoyinku: Maɓallin Da Ke Ruɗa Mutane

Malam, daga Funtuwa ka aiko mana da tambaya kan yadda ake tantance rubutun manhaja kafin a sake ta. To, ka fara da maɓallai, domin nan ne kuskure ya fi tsada.

A ce manhajar tura kuɗi ta tambayi mutum, "Kana so ka soke wannan turawa?" sannan ta ajiye maɓallai biyu, "Soke" da "To". Wanda ya danna "Soke", turawar ya soke ko tambayar? Ruɗanin ke nan. Gyaran shi ne kowane maɓalli ya faɗi aikinsa da bakinsa: ɗaya "Soke turawa", ɗayan "Ci gaba da turawa". Gwajin da sauƙi. Rufe tambayar da yatsa, ka karanta maɓallan kaɗai. In ba ka gane abin da zai faru ba, da sauran aiki.

Sai kuma daidaiton kalmomi. In shafin farko ya ce "kalmar sirri", kada na uku ya ce "lambar sirri", don mutum zai ɗauka lambar katin banki ake nema, har ya rubuta ta. Ka tara kalmomin a takarda ɗaya, kowane abu da sunansa guda.

Daga nan ka miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba, ka yi shiru. Duk inda yatsansa ya tsaya yana waige, ka sake rubuta wurin, Malam.