Yadda ake mayar da saɓanin masana jadawali don bitar jarrabawa

A hutun da ya wuce ƙanena ya dawo gida Matamaye daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da kaye cike da darasin tarihi. Shafi tara ya rubuta a kan tambaya guda: yadda aka kafa daulolin ƙasar Hausa. Malami ya yi ta bayani da Faransanci, shi kuma ya yi ta bin bakinsa da biki, har maganar wannan masani ta shige cikin ta wancan. Da daddare ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, na karanta sau uku, amma in aka tambaye ni wa ya ce me, sai kaina ya ɗaure." Na karɓi kayen na duba. Da alama babu abin da ya ɓace a ciki, sai dai an zuba shi ne yadda ya fito daga bakin malami, ita kuwa jarrabawa takan nemi a ɗora ra'ayi kusa da ra'ayi a auna. Maganin wannan shi ne jadawali, wanda ɗalibanmu ke kira tablo. Ga yadda muka yi shi a wannan dare.

Mataki na farko: raba masu magana

Kafin a ja layi ko ɗaya, sai a san mutum nawa ne ke gardama. Muka bi shafukan da fensir, duk inda aka kawo maganar wani masani muka sa harafin farko na sunansa a gefe. Sunaye uku suka yi ta dawowa. Akwai H. R. Palmer, jami'in mulkin mallakar Ingila wanda ya fassara Tarihin Kano a 1908, ya kuma fitar da tarin labaran da ya tattara a 1928. Akwai Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da maƙalarsa ta 1970. Sai John Sutton, da tasa ta 1979.

A nan ƙanena ya so ya ƙara na huɗu, wato labarin Bayajidda. Mu mutanen wannan yanki, da Daura ke can ƙetaren iyaka kusa da mu, tun muna yara muka san rijiyar Kusugu da macijiyar da ke hana ɗiban ruwa, da auren Daurama, da Bawo da ƴaƴansa. Amma labarin ba ra'ayin masani ba ne. Shi ne abin da masanan ke gardama a kansa: wani ya ɗauke shi shaida, wani ya ce ba za a dogara da shi haka kawai ba. Wanda ya jera shi tare da su ya haɗa mai shari'a da abin da ake shari'a a kai. Saboda haka muka bar shi ya shiga gidan hujja.

Mataki na biyu: nemo tambayoyin da za a yi wa kowa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Jadawali yana da amfani ne idan tambaya ɗaya aka yi wa kowane masani, aka rubuta amsoshinsu kafaɗa da kafaɗa. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su raba takarda gida uku, su kwafe duk abin da aka faɗa a kan Palmer a gida ɗaya, na Smith a wani. Wannan kayen ne dai aka yanka uku, ba a kwatanta kome ba.

Tambayoyin suna ɓoye a cikin darasin. A nemi wuraren da malami ya ce "amma", ko "sai dai", ko "saɓanin haka", domin nan ne ra'ayi ke karo da ra'ayi. Mun sami irin waɗannan wurare da dama, muka tace su zuwa tambaya biyar: wace matsala yake son warwarewa, mece ce amsarsa, da wace hujja, yaya ya ɗauki labarin Bayajidda, kuma ina rauninsa. Biyar ko shida sun isa. Idan sun kai goma, to an koma rubuta darasin daga farko.

Mataki na uku: ja layuka, cike gida-gida

A samu farar takarda a kwantar da ita ta faɗi. Sunayen masana su hau sama, kowa da shekarar aikinsa, a jera su daga na farko zuwa na baya, domin na baya yakan zo ne yana mayar wa na farko martani. Tambayoyi su sauka a gefen hagu. Ana cikewa a kwance, tambaya ɗaya a bi ta kan kowa kafin a sauka ta gaba. Mai cikewa daga sama zuwa ƙasa yakan koma ga kwafe. Kowane gida kada ya wuce kalma goma sha biyu, kuma da kalmomin ɗalibi, domin abin da mutum ya kasa taƙaitawa da bakinsa bai gane shi ba tukuna. Ga abin da muka samu:

| Tambaya | Palmer, 1928 | Smith, 1970 | Sutton, 1979 |
|---|---|---|---|
| Matsala | Wa ya kawo sarauta? | Yaya daula ta tsiro? | Yaya Hausa ta yaɗu? |
| Amsa | Baƙi daga arewa da gabas | Daga cikin gida: ƙauye, gari, birni | Daga gabas zuwa yamma |
| Hujja | Labaran baka, Tarihin Kano, kamannin sunaye | Tsarin zama, ƙarfe, duwatsun bauta | Harshe da yanayin ƙasa |
| Bayajidda | Shaidar zuwan baƙi | Bai isa ya bayyana asalin daula ba | Ba a kansa ya gina hujja ba |
| Rauni | Labarin kansa ya nuna akwai sarauta tun kafin baƙon | Wahalar sa shekaru | Labarin Gobirawa na fitowa daga Abzin |

Mataki na huɗu: karanta abin da jadawalin ya tona

Da muka gama layin farko ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ba tambaya ɗaya suke amsawa ba." Wannan ne abin da shafi tara suka ɓoye masa. Palmer da Smith suna karo kai tsaye. Palmer yana ganin sarauta abu ce da baƙi suka zo da ita suka ɗora kan mutanen da suka tarar. Smith ya ƙi wannan, ya ce a dubi yadda ƙauyen dangi ɗaya ke zama gari mai baƙi da sana'o'i, garin kuma ya zama birni mai ganuwa, inda zumunta ba ta isa ta riƙe jama'a ba sai da sarki da masu sarauta. Ya lura cewa irin waɗannan birane sun taso a gindin duwatsu kamar Dala a Kano da Kufena a Zazzau, inda akwai ƙasar noma da wurin tsaro da wurin bautar iskoki. Shi kuwa Sutton damuwarsa ita ce yadda harshen da al'adar suka mamaye ƙasa mai faɗi haka. Ya duba cewa dangin Hausa a cikin harsunan Cadi suna gabas da kudu maso gabas, kuma kare-karen harshen Hausa ba su yi nisa da juna sosai ba, alamar yaɗuwar ba ta daɗe ƙwarai ba. Sai ya ce ta taso daga wajejen Haɗejiya da Daura da Kano ta nufi yamma. Mutum zai iya yarda da Smith a kan yadda birni ya zama daula, ya kuma yarda da Sutton a kan inda yaɗuwa ta nufa. Ɗalibin da ya rubuta wannan a jarrabawa ya nuna ya fahimci darasin.

Layin rauni ma yana son kulawa. A gidan Palmer mun rubuta cewa labarin kansa yana ƙaryata shi, domin Bayajidda ya tarar da Daurama tana mulkin Daura, haka kuma Tarihin Kano ya ambaci Barbushe a Dala kafin zuwan Bagauda. A gidan Sutton mun sa maganar Gobirawa, waɗanda labarinsu ya ce daga Abzin suka gangaro kudu, batun da masanin tarihinmu Djibo Hamani ya ba muhimmanci. Kowane rauni a rubuta wanda ya kawo shi, ko wani masani ne, ko malami, ko tunanin ɗalibi. Idan na ɗalibi ne a rubuta shi da fensir, don kada ranar jarrabawa ya jingina wa Smith maganar da bai yi ba.

Mataki na biyar: gidan da ya ƙi cika

Za a tarar da gidan da babu abin sawa. Kada a cike shi da zato don takarda ta yi kyau. Gida yakan zauna wayam saboda ɗaya daga cikin dalilai biyu: ko masanin bai taɓo batun ba, ko hannun ɗalibi ne bai kama bakin malami ba a ranar. Na farko a rubuta "bai taɓo ba", wannan ma ilimi ne. Na biyu a sa alamar tambaya, a duba kayen aboki ko a koma wurin malami. A gidan hujjar Smith mun fara da alamar tambaya, sai washegari da ƙanena ya kira wani ɗan ajinsu muka gane ya tsallake kusan rabin shafi a ranar da aka yi wannan darasi.

Mataki na shida: gwada shi

Jadawali yana da alamun lalacewa guda uku. Idan gidaje biyu a layi ɗaya suka faɗi abu iri ɗaya, tambayar ba ta raba kowa ba, a goge ta. Idan gida ya cika har rubutu ya tsallaka layi, tambayoyi biyu ne aka cusa wuri ɗaya, a raba su. Idan kuma aka rufe sunayen da ke sama aka kasa gane mai maganar, an taƙaita har an kashe ma'ana.

Bita kuwa da rufewa ake yin ta. A sa tafin hannu a kan gidajen Sutton, a faɗi amsoshinsa biyar da ka, a buɗe a duba. Sannan a rufe layin hujja, a faɗi na mutum uku. Daga ƙarshe a kifa takardar, a zana jadawalin duka a wata. Gidan da aka manta sau biyu, a koma kaye a sake karanta wurin, shi ya sa yake da kyau a sa lambar shafin kaye ƙarama a kusurwar kowane gida. Jadawali ba ya ɗauke da dalilan da ke haɗa hujja da amsa, waɗannan suna can cikin darasin, kuma su ake nema idan aka ce a yi sharhi.

Ranar amsa tambaya, layukan kwance su ne sakin layin rubutu. In an ce a kwatanta Palmer da Smith, sai a fara da matsalar da suka haɗu a kanta, a bi da amsa, da hujja, da rauni, kowane sakin layi ɗauke da mutum biyun. Daren da zai koma Damagaram, ƙanena ya zauna a zaure ya zana gidajen nan goma sha biyar da ka. Biyu suka kuɓuce masa, duka a layin rauni, sai ya buɗe kaye a shafukan da lambobin kusurwa suka nuna.