Shawarwari ga Uwargida: Yadda Bidiyo Ɗaya Zai Ishe Ki Tallar Mako Guda

Mata da yawa masu sana'a a cikin gida suna shan wahalar ɗaukar bidiyo, su ɗora shi wuri ɗaya, kwana biyu ya nutse, sai kuma a fara tunanin me za a sake ɗauka. Alhali bidiyo ɗaya mai tsawo, idan an tsara shi tun farko, zai ba ki abin ɗorawa a YouTube da TikTok da Instagram da Facebook da WhatsApp har tsawon mako guda. Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe: kina yin dambun nama na sayarwa, kuma kina son bidiyo na minti 18 da zai nuna aikin daga wanke nama har zuba shi a roba.

1. Ki san guntayen da za ki fitar tun kafin ki kunna kyamara.

Yawancin ɓarnar a nan take faruwa. Mutum ya ɗauki dogon bidiyo, sannan ya riƙa datsa shi minti ɗai-ɗai, ya sa musu "kashi na ɗaya", "kashi na biyu". Wanda ya ci karo da kashi na huɗu bai ga na farko ba, ya ji kina cewa "sai ki ƙara masa kaɗan", bai san me za a ƙara wa me ba, sai ya wuce. Mai fiɗar rago gaɓa yake bi, ba ya sara inda ya ga dama. Gaɓar bidiyo ita ce tambaya ɗaya da amsarta.

Saboda haka ki zauna da takarda ki rubuta tambayoyin da kwastomomi da ƙawaye suka saba yi miki. Wane ɓangaren nama ya fi kyau da dambu? Yaya ake gane naman ya dahu har ya isa daka? Me ya sa dambun wasu yake saurin lalacewa? Yaushe ake zuba yaji? Kowace tambaya guntu ce mai zaman kanta. Idan kin zo ɗauka, ki fara kowane mataki da cikakkiyar jimla da ta ambaci sunan abin: "Abin da ke sa dambun nama ya lalace da wuri shi ne sauran ruwa a jikinsa." Kada ki ce "kamar yadda na faɗa ɗazu", domin a guntun babu ɗazu. Ki kuma yi shiru na sakan biyu tsakanin mataki da mataki, wannan shirun shi ne wurin da za ki sa almakashi ba tare da kin datse kalma ba.

2. Ki ajiye tukunya da turmi a tsakiyar hoto.

Dogon bidiyon YouTube a kwance yake, wato 16:9. TikTok da Reels da Shorts da Status kuwa a tsaye suke, 9:16. Idan kin ɗauka a kwance da 1080p, faɗin hoton fiksel 1920 ne. Da zarar kin yanko na tsaye daga ciki, abin da zai rage fiksel 608 ne kacal, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Duk abin da ke gefe ya tafi. In turmi yana dama, fuskarki tana hagu, dole ki rasa ɗaya, ko a ga taɓarya tana sauka ba a ga inda take faɗawa ba.

Maganinsa shi ne ki tattara aikin a tsakiya, ki ɗan ja wayar baya. In wayarki tana ɗaukar 4K kuma akwai wuri, ya fi, domin yankin tsayen zai fito da faɗin fiksel 1215, hoton ba zai dushe ba. In kuwa akwai waya ta biyu a gidan, ko ta maigida ce ko ta ɗiyarki, a jingine ta a tsaye ta ɗauki wuraren da suka fi jan ido: lokacin daka da lokacin da dambun ke juyawa a cikin mai. Ki leƙa kuma abin da ke bayanki. Shanya, ko yaro da ya gifta ba riga, ko lambar gida, in sun shiga asali sun shiga guntaye goma.

3. Kullum ki yanko daga asalin bidiyon.

Kada ki ɗora a TikTok, ki sauko da shi, ki kai Instagram. Zai fito da tambarin TikTok yana yawo a jikinsa, kuma tun 2021 Instagram ta sanar cewa ba ta tura irin waɗannan bidiyoyi masu tambarin wata manhaja gaba. Ga shi kuma duk ɗorawa da saukewa sai hoton ya ƙara dishi-dishi. Ki tace guntayen a manhaja irin CapCut ko InShot, ki ajiye su tsaf a waya, sannan ki kai kowanne inda za shi.

In wani ne zai taya ki tacewa, ki tura masa ta WhatsApp a matsayin Document, domin a haka ba a matse shi, kuma yana ɗaukar har giga 2. Bidiyon minti 18 na iya kusantar wannan girman, don haka in gida ɗaya kuke ko unguwa ɗaya, a tura waya zuwa waya, kada data ta tafi a banza.

4. Kowane dandali da irin shigar da yake so.

A YouTube za ki sa cikakken darasin. Amma ki sani, sabon asusu ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai kin tabbatar da shi da lambar waya, kuma namu minti 18 ne. A wurin bayanin bidiyon ki jera lokutan matakai, YouTube zai raba shi babi-babi da kansa, muddin na farko ya fara da 0:00, sun kai uku, kuma kowanne ya kai sakan 10:

```
0:00 Zaɓen nama
3:10 Dafawa
7:45 Daka
11:20 Suya
16:05 Adanawa
```

Wannan jerin zai yi miki amfani biyu, domin shi ne kuma taswirar inda za ki yanka.

A TikTok da Reels da Shorts, mutum da babban yatsansa yake kallo, bai san ki ba, kuma ba zai jira doguwar gaisuwa ba. Shorts yana karɓar har minti 3 tun watan Oktoban 2024, amma hakan ba ya nufin sai kin cika shi. Ɗauki guntun suya: a asali ya kusa minti biyar, mafi yawansa juyi ne. Ki fara da ƙarshensa, wato dambun ya bushe yana warwatsewa a ludayi, da muryarki tana cewa sauran ruwa ne ke lalata shi. Sannan ki nuna yadda ake rage wuta, da yadda kumfar mai ke raguwa idan ruwan ya ƙone. Sakan 40 ya isa. Sallama a taƙaice, bayanin tarihin sana'arki kuwa ki bar wa YouTube.

Facebook wurin masu karatu ne, kuma mutanenmu da yawa suna kaffa-kaffa da data, ba kowane bidiyo suke buɗewa ba. Ki mayar da darasin rubutu: kayan haɗi, matakai, hoto ɗaya mai kyau. Kada ki kwafe maganarki kalma da kalma, domin abin da ya yi daɗi a baki, da "to" da "kin gane ko", a rubuce yana gundura. A Instagram ki ciro hoto shida ko bakwai daga bidiyon, kowanne da layi ɗaya a kansa, ki jera su a rubutu guda. Linki ba ya dannuwa a ƙasan hoton Instagram, sai dai ki sa shi a shafin bayananki ki ce a duba can. Idan kina X, haruffa 280 gare ki a asusun kyauta, wato dabara ɗaya da hoto ɗaya.

5. Status na ciniki ne.

Masu kallon Status ɗinki sun riga sun san ki, lambarki tana wayarsu. Ba darasi suka fi buƙata ba, so suke su san akwai kaya ko babu. Ki yanko sakan 20 na zuba dambu a roba, ki rubuta farashi da girman roba da ranar da za a karɓa. Bayan awa 24 zai ɓace, don haka babu laifi ki sake sa shi jibi da wani guntun. A ganina duk cikin guntayen nan wannan ne ya fi saurin kawo oda, kodayake shi ne mafi ƙarancin masu kallo.

6. Rubutu da kiɗa.

Mutane da yawa suna kallo ba sauti, a mota ko cikin jama'a, saboda haka ki sa rubutu a kan hoton. Ki rubuta da hannunki, kada ki dogara da rubutun da manhaja ke fitarwa da kanta, domin Hausa ta kan fito a hargitse. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ. Ki ajiye rubutun a tsakiya zuwa sama, domin ƙasa da gefen dama maɓallai da sunanki za su rufe su.

Kiɗa kuwa, waƙar da aka yarje miki a cikin TikTok ba lallai izinin ya bi ki YouTube ba, can ana iya kama ta a toshe bidiyon ko kuɗin talla ya tafi ga mai waƙar. Ki bar asalin da muryarki da ƙarar taɓarya da ta suya.

7. Kada ki zube su rana ɗaya.

Cikakken bidiyon ya fara fita, misali ranar Asabar, domin guntaye su sami inda za su nuna wa mai son ƙarin bayani. Lahadi guntun suya, Litinin rubutun Facebook, Talata guntun daka, Laraba hotunan Instagram, Alhamis guntun adanawa, Status kuwa a tsakani. In Sallah kike hari, ki fara tun da saura mako biyu, kafin mutane su gama ba da oda a wani wuri.

Daga nan sai ki duba. A TikTok da YouTube akwai inda ake nuna miki lokacin da masu kallo suka watse. In tun sakan uku na farko suka tafi, buɗewar ce ba ta yi ba, ki sake yanka guntun ki fara da wani wuri. In ana ta tambayar "wane nama ne wannan?", guntun bai tsaya da ƙafarsa ba, ya dogara da abin da aka faɗa a baya. Kuma duk sabuwar kwastoma da ta yi miki magana, ki tambaye ta a ina ta gan ki, ki rubuta. Bayan wata guda, dandalin da sunansa bai fito a takardar ba ko sau ɗaya, ki rage ɓata masa lokaci da data.