Wasiƙar Edita: Me Ake Nufi da "Sake Gina Labarin"?

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi irin wasiƙar da edita kan rubuta wa marubucin da aikinsa ya nuna alamar ƙwazo, amma ba za a karɓe shi ba sai an yi masa gagarumin gyara. Na zaɓi batun ne saboda ni kaina na karɓi irinta a hutun da ya wuce, ina gida Azuba kusa da Lafiya, kuma sai da na yi mako biyu ban ko so in sake kallonta ba. Da na huce, sai na ga ta koya mini zubi da tsari fiye da yadda na haddace su don jarrabawa.

Abin da Ya Faru da Abubakar Imam

Mu ɗaliban Hausa mun san gasar ƙagaggun labarai ta shekarar 1933, wadda Dokta Rupert East ya shirya daga Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, Ruwan Bagaja bai wuce hannun edita salin-alin ba. A lokacin Imam matashi ne mai kimanin shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1934 East ya rubuto masa cewa ya gane wasu labaran da ke cikin rubutun daga wasu littattafai aka ɗebo su, kuma duk wanda ya karanta littattafan zai gane. Ana samun bayanin wannan a littafin tarihin rayuwar Imam da Abdurrahman Mora ya tace, aka buga a 1989.

Abin lura a nan shi ne, akwai aron da ya tsira. Imam da kansa ya bayyana cewa dabarar taurari biyu masu yi wa juna wayo daga Maƙamatul Hariri ya samo ta, inda ake da Abu Zaidu da Harisu. Sai dai ya zuba ta cikin rayuwar Hausawa, ta zama Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Ke nan aron ƙwarangwal daban, kwaso labari ɗungurungum daban. Kuma gyaran bai raba su ba, domin East ne ya nemi a kawo Imam Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Wasiƙar da Na Samu

Nawa rubutun shafi 64 ne, babi 12. Labarin wata yarinya ce, Ladi, wadda mahaifinta ya jinginar da gonarsu ta doya don ya biya kuɗin asibiti, ita kuma take son fanso ta. Da yake Hausa ba harshen da na tashi da shi ba ne, na ɗauka editan zai cika wasiƙar da kurakuraina na jinsi da raba kalmomi. Layi biyu kacal ya ba su. Ya ce ya ga inda na rubuta "gonar ya bushe" da inda na haɗe "ba ta" da "bata", amma wannan aikin kwana ɗaya ne ga mai tacewa, kuma ba a shafa wa bangon da za a rushe fenti.

Daga nan ya faɗi abin da ya sa bai mayar mini da rubutun kawai ba: babi na 5, inda dattawa suka zauna shaidar jinginar, uban Ladi yana ta kallon ƙasa. Ya ce a nan ne ya ji muryar wanda ya san abin da yake faɗa. Ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai kan wannan sashe na wasiƙar, domin mukan tsallake shi da tunanin lallashi ne. Edita yana nuna maka ma'aunin da za ka auna sauran babobin da shi ne.

Sai ya zo kan cutar. A babi na 11 na kawo wani attajiri da motarsa ta lalace a bakin hanya, ya ga zobe a hannun Ladi, ya gane 'yar ɗan'uwansa ce da suka rabu tun suna yara, ya biya bashin nan take. Editan ya tambaye ni: "Malam, a wane fim ɗin Indiya ka ga wannan zoben?" Na ji kunya, don kuwa ya canka daidai. Ya ba ni hanyar gwaji mai sauƙi: in cire sunan Ladi da sunan garin daga babin, in sa na wata ƙasa. Idan babu abin da ya lalace, to babin ba na labarina ba ne. Na gwada da babi na 11, ya zauna daram. Na gwada da babi na 5, ya wargaje, domin ba zai tsaya ba in babu jingina da dattawa da doya.

Dalilin da Ya Sa Faci Ba Zai Yi Ba

Tunanina na farko shi ne in cire attajirin kurum, in rubuta sabon ƙarshe. Wasiƙar ta riga ta toshe wannan hanya, kuma a ganina nan ne ta fi amfani. Saboda na san attajiri na nan tafe, ban sa Ladi ta yi komai ba daga babi na 6 zuwa na 10, sai kuka da addu'a da tuna baya. In aka cire mai ceton, sai a bar tauraruwar da ba ta tara ko sisi ba. Don haka dole a koma tsakiyar labarin a shuka abin da za a girbe a ƙarshe. Nawa ne bashin? Ƙwarya nawa ta doya, wato ɗari nawa, za ta sayar kafin ta haɗa shi, alhali gonar tana hannun wani? Wa zai ba ta aron fili da iri, kuma me zai nema a madadinsu?

Ya kuma nuna mini abin da na sani a gida amma na manta a takarda. Wanda aka jinginar wa gona shi ke noma ta har a biya shi. Idan ya riga ya yi kunya ya binne iri, ko da kuɗin sun samu, da wuya ya saki gonar kafin ya haƙe doyarsa. Ashe labarin yana da wa'adi tun asali, ni ne ban yi amfani da shi ba. Ladi tana tsere da saukar damina, kuma kowane babi ya kamata mai karatu ya san saura mako nawa.

Game da farkon labarin kuwa, magana ɗaya ya yi: rikici bai fara ba sai shafi na 23. Babi huɗu na farko, da na cika da bayanin asalin gidan su Ladi, ya ce in mayar da su shafi uku ko in warwatsa su cikin hirar taurari.

Akwai inda ban bi shi ba. Ya so in cire gaisuwar da tsohuwar gidan take yi da harshenmu, wai za ta dame mai karatu. Na rubuta masa cewa a yankinmu haka ake magana, mutum ya gaisa da harshen gida sannan ya yi ciniki da Hausa, na kuma yi alkawarin amsar da za a ba ta za ta fayyace ma'anar. Ya amince. A kan zoben dai ban yi musu ba.

Yanzu babi na 5 ya koma na 1, attajiri da motarsa sun fita, rubutun ya ragu zuwa shafi 41. Na tsaya a wurin da Ladi ta haɗa kashi biyu cikin uku na kuɗin, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma har yau ban yanke ko za ta samu gonar a wannan shekarar ba.